Matsin bakin fita a lissafin turin roka da injin jet

"Assalamu alaikum Malam. Ina aji uku a injiniyan kanikanci. An ba mu ƙa'idar turin roka, F = ṁ·Ve + (Pe − Pa)·Ae. Kashin farko na gane shi, amma na biyun haddace shi kawai na yi. Daga ina ya fito, alhali iskar waje ba ta shiga bakin nozul? Kuma a aikin da na yi ya fito da alamar debewa, shin kuskure na yi? Idan aka ƙara Pe, ashe turi ba zai ƙaru ba?"

Wa alaikumus salam. Ɗauko takarda da biro, domin wannan abu da zane ake gane shi, kuma da zarar ka zana shi da hannunka sau ɗaya ba za ka sake buƙatar hadda ba.

Ka zana injin roka a kwance, an ɗaure shi da ƙarafa a kan dandamalin gwaji, yana ci da wuta amma ba ya motsi. Hancinsa na hagu, bakin nozul na dama. Sai ka ja layi ka kewaye shi kaf, layin ya bi jikin injin daga waje, in ya iso bakin nozul ya ratsa ta tsakiyar hayaƙin daidai inda ƙarfe ya ƙare. Wannan kewayen shi ne akwatin lissafinmu. Duk abin da ke faruwa a cikinsa, ƙonewar mai da juyawar famfo da zafin da ya haura digiri 3,000, ba ruwanmu da shi. Abu biyu kawai za mu tambaya: me ke ratsa bangon akwatin, kuma waɗanne ƙarfafa ne ke taɓa bangon.

Abin da ke ratsawa hayaƙi ne, kilo ṁ a kowace daƙiƙa, yana fita dama da saurin Ve. Man da ya zama hayaƙin nan a tanki yake zaune ba ya motsi, in ma ta bututu ya shigo daga gefe, ba shi da wani gudu ta hagu ko dama da za a lissafa. Ke nan a kowace daƙiƙa akwatin yana fitar da momentam mai yawan ṁ·Ve zuwa dama. Dokar Newton ta biyu ta ce ba a samun wannan a banza: dole jimillar ƙarfin da ke kan akwatin ta zama ṁ·Ve, kuma ta fuskanci dama.

To, su wa ke taɓa akwatin? Na farko ƙarafan da suka riƙe injin. Injin yana son ya zabura hagu, su kuma suna tokare shi zuwa dama da ƙarfin F, wanda shi ne ma'aunin dandamalin ke nunawa, shi ne kuma muke kira turi. Na biyu hayaƙin da ya riga ya fita, wanda ke gab da layinmu ta waje. Yana da matsin Pe, kuma matsi kullum danna abu yake yi zuwa ciki, don haka yana danna akwatin zuwa hagu da ƙarfin Pe·Ae, inda Ae filin bakin nozul ne. Na uku iskar waje mai matsin Pa, kuma a nan tambayarka take.

Gaskiyarka, iskar waje ba ta taɓa bakin nozul, kuma rashin taɓawar ne ya sa ta shiga lissafi. Ka ajiye tulu rufaffe a tsakar gida. Iska tana danna shi ta ko'ina da matsin da ya kai kilofaskal 101, wato kamar nauyin tan 10 a kan kowane murabba'in mita, amma tulun ba ya gusawa, domin dannawar gabas ta kashe ta yamma. Haka duk wani abu rufaffe yake, ko wace siffa gare shi. Injin da ke ci kuwa ba rufaffe ba ne ta fuskar iska: akwai wani fili mai faɗin Ae a bayansa da hayaƙi ya mamaye, iska ba ta samun dannawa a wurin. Dannawar da ke zuwa daga hanci ta rasa abokiyar da za ta kashe ta daidai wannan faɗin. Sai ragowar Pa·Ae ta tsaya tana tura injin baya, wato dama. Idan ka haɗa su, kana ɗaukar dama a matsayin tarawa:

```
F + Pa·Ae − Pe·Ae = ṁ·Ve
F = ṁ·Ve + (Pe − Pa)·Ae
```

Shi ke nan asalinsa. Pe·Ae tallafi ne daga hayaƙin da har yanzu yake da sauran matsi lokacin da ya bar ƙarfe, Pa·Ae kuma haraji ne da iskar duniya ke karɓa saboda girman bakin da ka buɗe.

Bari mu ɗora lambobi na injin gaske, domin a nan abin yake da daɗi. RS-25 shi ne injin da kumbon Amurka mai suna Space Shuttle ya yi aiki da guda uku nasa daga 1981 zuwa 2011, kuma guda huɗu ne a gindin rokar SLS da ta tashi a 2022. Haidirojin yake ƙonawa da oksijin, abin da ke fita bayansa galibi tururin ruwa ne. A cikakken ƙarfinsa yana cin kimanin kilo 514 a daƙiƙa. Faɗin bakin nozul ɗinsa ya ɗan haura mita 2.3, wanda ya ba da fili na kusan murabba'in mita 4.17. Turin da aka wallafa masa kusan kiloniyuton 1,860 ne a daidai teku, da kusan 2,279 a sararin da babu iska.

Kafin ka taɓa Ve ko Pe, dubi bambancin lambobin nan biyu: kiloniyuton 419. Yanzu ninka matsin iska a daidai teku da filin bakin:

```
101.3 kPa × 4.17 m² ≈ 422 kN
```

419 da 422. Ranar da na fara yin wannan lissafi a gefen littafina, sai da na sake maimaita shi, don ban zaci za su zo kusa haka ba. Injin bai canja komai a cikinsa ba tsakanin ƙasa da sama. Man da yake ci iri ɗaya ne, saurin hayaƙi iri ɗaya, Pe iri ɗaya. Harajin iska ne kawai aka ɗauke masa.

Za ka iya tambaya, don me ṁ da Ve da Pe ba sa canjawa in Pa ta canja? Saboda a maƙogwaron nozul, inda ya fi tsukewa, hayaƙi ya kai saurin sauti, daga nan zuwa baki kuma ya zarce shi ninki da yawa. Labarin canjin matsi da saurin sauti yake tafiya a cikin iska. Mai iyo a kogin da ruwansa ya fi shi gudu ba zai taɓa kaiwa sama ba, haka labarin matsin waje ba ya iya shiga ciki ya isa ɗakin ƙonewa. Matsin ɗakin ƙonewa da siffar nozul su kaɗai ke yanke Pe. Wannan ne ma dalilin da ya sa Pe take iya bambanta da Pa tun farko. In da hayaƙin bai kai saurin sauti ba, kamar iskar da ke fita daga fanka ko salansar mota, da matsinsa ya daidaita kansa da na waje, kashi na biyu ya zama sifiri.

Yanzu mu raba turin gida biyu. Matsi a bakin RS-25 ba ɗaya ba ne daga tsakiya zuwa gefe, zan dawo kan haka, amma don lissafi zan ɗauki matsakaici na kilofaskal 20. Wannan zaɓina ne don misali, kuma yana cikin iyakar da ta dace da injin. A sarari, inda Pa sifiri ce, kashin matsi zai zama 20 sau 4.17, kusan kiloniyuton 83. Ragowar 2,196 daga gudun hayaƙi yake, kuma in ka raba da kilo 514 za ka sami Ve kusan mita 4,272 a daƙiƙa. Sai mu sauko da injin ƙasa:

```
ṁ·Ve         = 514 × 4272          ≈ 2196 kN
(Pe − Pa)·Ae = (20 − 101.3) × 4.17 ≈ −339 kN
F            ≈ 1857 kN
```

Ga alamar debewar da ta tayar maka da hankali. Ba lalle kuskure ba ne, haka abin yake ga duk injin da aka faɗaɗa bakinsa don aiki a sama aka kuma kunna shi a ƙasa. A wannan misali iska ta cinye kusan kashi 15 cikin 100 na abin da gudun hayaƙi ya samar. Da rokar ta hau kilomita 5.5, inda matsin iska ya ragu zuwa rabi, injin ya dawo da kusan kiloniyuton 210. Wajen kilomita 12 matsin waje ya sauka kusa da 20, kashi na biyu ya ɓace, daga nan sama kuma ya koma riba. Ka lura har ila yau cewa ko da na ɗauki Pe 15 ko 25, bambancin ƙasa da sama zai ci gaba da zama 422, tun da Pe tana fita daga lissafin in ka debe ɗaya daga ɗaya.

Sai maganar ƙara Pe, wadda ita ce tarkon da ya fi kama ɗalibai, kuma ina ganin hankali ne ke kai su ciki, ba rashinsa ba. A takarda Pe tana da alamar tarawa, to me zai hana a ƙara ta? Abin da ya hana shi ne Pe da Ve daga tukunya ɗaya ake ɗibarsu. Hayaƙi yana fara tafiyarsa da matsi mai yawa, a RS-25 sama da ninki 200 na matsin iska, kuma nozul aikinsa ya mayar da wannan matsi gudu. Hanyar ƙara Pe ba tare da taɓa ɗakin ƙonewa ba ita ce ka yanke bakin nozul ya gajarce, wato ka saki hayaƙin kafin ya gama ba da abin da ke cikinsa. Ve za ta ragu, Ae ma za ta ragu.

Akwai hanya mai sauƙi ta ganin inda daidai yake, ba sai da lissafi mai tsawo ba. Ka ɗauka bakin nozul kamar kwano ne da ake ƙara masa zobe bayan zobe, kowane zobe ya fi na baya faɗi kaɗan. Bangon zoben a karkace yake. Hayaƙi daga ciki yana danna shi, kuma saboda karkatar, wani ɓangare na dannawar gaba yake fuskanta. Iska daga waje tana danna bayan zoben, ita kuma wani ɓangarenta baya yake fuskanta. Muddin matsin ciki a wurin ya fi na waje, zoben riba ne, ƙara shi. Da zarar matsin ciki ya sauka ƙasa da na waje, duk zoben da ka ƙara jan injin baya yake yi. Don haka a kowane tsayi, turi yana kai ƙololuwarsa ne in Pe ta yi daidai da Pa, wato lokacin da kashi na biyu ya zama sifiri. Roka kuwa ba ta zama a tsayi ɗaya. RS-25 yana ci tun daga ƙasa har kimanin minti takwas da rabi, kuma mafi yawan wannan lokaci a inda iska ta yi siriri yake yin sa, shi ya sa masu ƙira suka yarda su yi asara a daƙiƙun farko.

Amma asarar tana da iyaka, kuma a iyakar ne ƙa'idar taka take fara yin ƙarya in ba ka kula ba. In Pe ta yi ƙasa da Pa ƙwarai, iskar waje tana samun hanya ta siririn sashen hayaƙin da ke manne da bango, wanda gogayya ta rage wa gudu. Ta nan take kutsawa ta ɓamɓare hayaƙin daga bango tun kafin ya iso baki. Tsohon ma'aunin da ake danganta wa Martin Summerfield ya ce a fara tsoron haka in matsin bango ya sauka zuwa kusan kashi 40 cikin 100 na matsin waje. Ƙiyasi ne na farko, amma yana da amfani. In hakan ta faru, filin da hayaƙi ya cika ya gaza Ae, matsin da ke bayan wurin ɓamɓarewar ya koma kusa da Pa, don haka turin da za ka auna zai fi wanda ƙa'idar ta ba ka. Kada ka yi murna da wannan ƙari. Ɓamɓarewar ba ta tsayawa daidai a kowane gefe, tana kai da kawowa, tana girgiza nozul hagu da dama da ƙarfin da kan iya lanƙwasa shi ko ya karya abin da ke juya injin. In ka kalli hoton bidiyo na tashin RS-25 da aka rage wa sauri, za ka ga bakin yana rawa kamar kwanon roba a daƙiƙun da matsin ciki ke hawa, sa'an nan ya nutsu.

Za ka ce, ai 20 cikin 101 bai kai kashi 40 ba, ya aka yi injin yake aiki lafiya a ƙasa? Masu ƙirarsa sun ɗan tanƙwaro bangon ciki a kusa da baki, ta yadda matsi a gefen bango ya tashi sama da kilofaskal 30, kusa da wannan ma'auni na ƙiyasi, alhali a tsakiyar hayaƙin ya fi haka ƙasa nesa. Gefen ne iska ke nema ta shiga, gefen suka tsare. Wannan kuma yana nuna maka cewa Pe da Ve na ƙa'idarmu matsakaita ne. In ana son lissafi na ƙwarai, sai a yanka bakin zobe-zobe a tara gudummawar kowanne, kuma a ɗauki ɓangaren gudun da ya miƙe baya kaɗai, domin hayaƙin da ya fita a karkace wani sashen ƙarfinsa gefe ya tafi.

Da ido ma ana gane halin da injin ke ciki. In hayaƙi ya tsuke bayan ya fita, aka ga wani haske kamar faifai ko jerin lu'ulu'u a tsakiyarsa, alama ce Pe ba ta daidaita da Pa ba, kuma tsukewar na nuna iska ce ta fi ƙarfi. In roka ta yi nisa sama ka ga hayaƙin ya buɗe kamar lema, Pe ce ta fi.

Ka duba aikinka da abubuwa biyu da na fi cin karo da su in ina gyaran takardu. Ɗaya shi ne matsin geji. Gejin mai faci da ke nuna sifiri in ba a sa shi a taya ba, ya riga ya debe matsin iska. In aka ba ka Pe irin ta geji, ita ce Pe − Pa ɗin kanta. Na taɓa ganin takardar wani ɗalibi mai ƙoƙari da ya ɗauki −81 ya sake debe 101, sai ya sami asarar da ta kusa kiloniyuton 760 a maimakon 339, ya ja mata layi biyu da jan biro, yana da yaƙini. Ɗayan kuma ƙirga abu sau biyu ne. Takardun injin sukan ba da lambar Isp, wato ma'aunin yadda injin ke juya mai zuwa turi, a daƙiƙu, ta RS-25 a sarari 452 ce. In ka ninka ta da 9.81 za ka sami kusan mita 4,434 a daƙiƙa, amma wannan F ce aka raba da ṁ, an riga an cusa kashin matsi a cikinta. Shi ya sa ta fi 4,272 da muka samu. Wanda ya sa ta a gurbin Ve ya kuma ƙara (Pe − Pa)·Ae ya biya kansa sau biyu.

Injin jet akwatin ɗaya ne, sai dai yana da ƙofar shiga. Iska tana shigowa da saurin tafiyar jirgin, V0, ɗauke da momentam nata, don haka sai an debe shi:

```
F = (ṁa + ṁf)·Ve − ṁa·V0 + (Pe − Pa)·Ae
```

A nan ṁa iskar da injin ya shaƙa ce, ṁf kuma mai. Ana ja bangon gaba na akwatin nesa da bakin injin, inda iska ba ta riga ta ji zuwansa ba, domin matsinta ya zama Pa cif, kada wani kashin matsi ya ɓullo a gaba. Ga misali da na tsara da kaina: injin da ke shaƙar kilo 50 a daƙiƙa, yana ƙona kilo 1 na mai, jirgin na tafiyar mita 250 a daƙiƙa a tsayin kilomita 11, inda Pa take kilofaskal 22.6. Nozul ɗinsa mai tsukewa ne kawai, ba ya sake buɗewa, don haka iyakar saurin da hayaƙi zai kai a baki shi ne saurin sauti na wurin. Mu ce mita 550 a daƙiƙa, da Pe ta 45 da filin baki murabba'in mita 0.47. Abin da ya fita, 51 sau 550, kusan kiloniyuton 28.1 ne. Abin da ya shigo, 50 sau 250, 12.5 ne. Kashin matsi, 22.4 sau 0.47, 10.5 ne. Turin ya kama kusan 26.1, kuma kashi 40 cikin 100 nasa daga matsi ya zo, don haka wanda ya yar da wannan kashi a nan ya yi babban kuskure.

Da za a ƙara wa wannan nozul baki mai buɗewa har Pe ta sauko 22.6, Ve za ta hau kusan 770, kashin matsi ya ɓace, turin ya zama kamar 26.8. Ƙarin bai kai kashi 3 cikin 100 ba, wanda nauyin ƙarfen da aka ƙara zai iya cinyewa, shi ya sa jiragen fasinja suke zama da nozul mai sauƙi, jiragen yaƙi masu zarce saurin sauti kuma, da matsinsu ya ninka na waje da yawa, suke ɗaukar nozul mai buɗewa da tsukewa. Irin wannan nozul mai tsukewa kaɗai yana kai saurin sauti ne in jimillar matsin hayaƙin kafin ya shiga shi ta kai ninki kusan 1.85 na matsin waje ga hayaƙi mai zafi. Don haka a kowane aikin jet, fara da raba wannan matsi da Pa. In bai kai 1.85 ba, sa Pe daidai da Pa ka share kashi na uku. In ya haura, Ve saurin sauti ce a zafin bakin, Pe kuma jimillar matsin ce aka raba da 1.85.